Darasi na Goma Sha Ɗaya: Wasiƙar Neman Takardar Yabo Daga Wanda Ya Koya Maka Aiki

A darasin da ya gabata mun koyi rubuta wasiƙar neman aiki. Wannan kuma wasiƙa ce da ake rubutawa kafin waccan ta kai ga amfani, domin ma'aikatu da ƙungiyoyi da yawa ba sa duba takardun mai neman aiki sai sun ga wani babba ya sa hannu ya ce: na san shi, ya yi aiki a gabana, ga abin da ya iya. Wanda zai faɗi haka shi ne shugaban da ka yi zaman koyon aiki a ƙarƙashinsa, zaman da a ƙasashen renon Faransa ake ce wa sitaj. To amma ba zai rubuta ba sai ka roƙe shi, kuma yadda ka roƙa shi ne zai yanke irin takardar da za ka samu.

Za mu ɗauki misalinmu daga arewacin Togo, tsakanin Manduri da Dapaong da Sokode, inda Hausawan zango ke cuɗanya da Gurmawa da Moba da Kotokoli da Fulani, kuma harshen ofis Faransanci ne.

Takarda biyu, kada a haɗa su

Idan mutum ya gama koyon aiki, ma'aikatar kan ba shi takardar shaidar kammalawa. Abin da ke cikinta kaɗan ne: sunanka, sashen da ka zauna, ranar da ka fara da ranar da ka gama, sai sa hannu da hatimi. Sau da yawa sakatare ne yake cike ta, kuma wadda aka ba mai ƙwazo ita aka ba malalaci, suna kawai aka sauya. Tana nuna ka halarta ne kurum.

Takardar yabo daban take. Wannan mutum guda ne yake rubuta ta da sunansa, yana faɗin abin da ya gani da idonsa, yana kuma ɗora mutuncinsa a kan maganar. Ba dole ba ne ya rubuta maka. Alfarma ce, shi ya sa ake nemanta da wasiƙa ta musamman. Ɗalibai da yawa sukan rubuta wa shugabansu su ce "a taimaka mini da takarda", sai a sake buga musu shaidar kammalawa, su kai, a dawo da su. Saboda haka tun a layin farko ka faɗi wadda kake so.

Ya manta da kai, kuma ba laifinsa ba ne

Wannan ita ce maganar da darasin ya ginu a kanta. Kai wata shida ɗin da ka yi a wurin koyon aiki babban abu ne a rayuwarka, kana tuna ranar farko da ranar ƙarshe. Shi kuwa shugaban, kai ɗaya ne cikin jerin matasan da suke zuwa suna wucewa kowace shekara. A Togo, ban da ɗaliban makarantun kiwon lafiya da na aikin gona da na Jami'ar Kara, akwai 'yan sa-kai na ƙasa. Shirin PROVONAT ya fara tura su a 2011, daga baya a 2014 aka kafa hukumar ANVT ta gaje shi, ga kuma waɗanda hukumar samar da aiki ta ANPE take turawa. Babban ma'aikacin jinya da ke riƙe da asibitin karkara, wanda jama'a ke kira majo, yana iya tuna fuskarka ya kasa tuna ko kai ne ka gyara ɗakin magani ko wanda ya zo bayanka.

Ƙari a kan haka, ma'aikatan gwamnati ba sa dawwama wuri ɗaya, ana yi musu canjin wurin aiki. Manduri hedikwatar Kpendjal ce, can kusurwar arewa maso gabas, kusa da iyakar Benin da ta Burkina Faso, kusan kilomita 100 daga Dapaong. Tun watan Yuni na 2022 aka sa dokar ta-ɓaci ta tsaro a yankin Savanes, zirga-zirga a wannan gefen ta ƙara wuya. Shugaban da aka mayar Dapaong ba zai tashi ya koma Manduri ya buɗe tsofaffin rajistoci domin ya rubuta maka layi goma ba. Abin da ka sa a gabansa, da shi zai yi aiki. In ka ba shi gaisuwa da roƙo kawai, zai rubuta "yaro ne mai ladabi da ƙwazo", maganar da ake faɗa a kan kowa, wadda mai ɗaukar aiki ba ya tsayawa karantawa. In ka tuna masa aiki uku da wurinsu da watansu da adadinsu, sai su ne su cika takardar.

Labarin Wance

Abin da ke tafe misali ne don koyarwa, haka ma adadin da ke ciki. Mu ce wata yarinya ce daga zangon Sokode, mu kira ta Wance. Ta yi karatun taimakon jinya, aka tura ta wani ƙaramin asibiti a ƙasar Manduri daga Yuni zuwa Nuwamba 2023. Yanzu a watan Fabrairu 2025 wata ƙungiya a Sokode tana neman mai kula da rajistar rigakafin yara, kuma cikin takardun da aka nema har da takardar yabo. Za a rufe karɓa ranar 28 ga wata. Majon da ta yi aiki a ƙarƙashinsa yanzu yana Dapaong, kusan kilomita 300 daga Sokode a kan babbar hanyar da ta bi ta Kara da Mango.

Ga abin da ta fara rubutawa:

"Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya, yaya aiki, yaya iyali, yaya sanyi? Ni ce 'yarka da ta yi sitaj a wurinka. Don Allah ina neman alfarma ka taimaka mini da takarda saboda ina neman aiki. Ka san na yi ƙoƙari sosai lokacin da nake wurinku kuma ban taɓa saɓa maka ba. Abin na gaggawa ne. Allah ya saka da alheri."

Ladabin wasiƙar ba shi da aibi. Amma ka sa kanka a matsayin majo. Wace 'yar? Wace shekara? Wace takarda? Wane aiki take nema, a wace ma'aikata, da sunan wa za a rubuta? Gaggawar ta kwana nawa ce? Sai ya kira ta ya yi tambaya biyar kafin ya ɗauki alƙalami, mutumin da marasa lafiya ke layi a ƙofarsa kuwa ba zai kira ba. Zai ce sai anjima, anjima ta zama mako biyu. Kalmar nan "na yi ƙoƙari sosai" ma ba ta ba shi komai ba, domin hukunci ce, hukunci kuwa nasa ne. Nata shi ne kawo hujja.

Yadda ake zaɓen ayyukan da za a tuna masa

Kafin Wance ta sake rubutu, sai ta ɗauko littafin da take rubuta ayyukanta na kullum da kwafin rahoton da ta miƙa a ƙarshen zamanta. Ta jera duk abin da ta yi: auna nauyin jarirai, wanke ciwo, share ɗakin haihuwa, rubuta sunayen masu zuwa awo, fita ƙauyuka, gyaran ɗakin magani, bin sawun yaran da suka daina zuwa rigakafi, da sauransu. Sun kai goma sha biyu. Ba duka za su shiga wasiƙa ba. Ana tace su da tambaya uku.

Ta farko, shin shugaban ya ga aikin da idonsa, ko ya sa hannu a kan takardarsa? Wance ta kwana biyu tana taya ungozoma a wata haihuwa mai wuya, kuma tana alfahari da hakan, amma a makon majo yana taro a Dapaong. Ba zai iya shaidar abin da bai gani ba, in kuma ya shaida, to ya yi ƙarya dominta. Ta cire.

Ta biyu, shin aikin yana da farko da ƙarshe, yana da abin ƙirgawa? Wanke ciwo aiki ne na kullum, kowa na yi, ba a iya cewa ga inda ya kai. Gyaran ɗakin magani kuwa an fara shi, an gama shi, ana iya faɗin abin da ya sauya.

Ta uku, shin ya yi kama da aikin da ake nema? Ƙungiyar Sokode mai riƙe rajista take so. Saboda haka duk abin da ya shafi rubutu da lissafi da bin sawu shi ne a gaba. Da aikin ɗakin haihuwa take nema, da jerin ya juya.

Ayyuka uku suka tsira, kuma ya kamata mu san su da kyau, domin wanda bai fahimci aikinsa ba ba ya iya bayyana shi a layi biyu.

Na farko shi ne rabon maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro na damina. A arewacin Togo, kamar a Nijar da arewacin Najeriya, ana bi gida gida a ba yara daga wata 3 zuwa wata 59 magani sau ɗaya a wata a tsawon damina. Kowane zagaye na kwana uku ne: ranar farko mai rabo ne yake ba yaron a gabansa, sauran kwana biyu uwa ce take bayarwa. Kowace ƙungiyar masu rabo tana dawowa da yamma da takardar ƙirga da ragowar magani. Inda ake samun matsala shi ne lissafi: maganin da aka fita da shi dole ya yi daidai da wanda aka bayar, haɗe da wanda ya lalace ko yaro ya amayar, haɗe da wanda aka dawo da shi. Wance ce take zama kowace yamma tana daidaita wannan lissafi kafin majo ya sa hannu. Wato ya ga aikin, sa hannunsa ma yana kai.

Na biyu ɗakin magani. Ta tarar an jera kwalaye yadda suka iso, sabo a gaba, tsoho a baya, har wasu suka kusa lalacewa ba a sani ba. Ta sake jera su bisa ranar ƙarewar amfaninsu, mai kusan ƙarewa a gaba, ta buɗe wa kowane magani katin shiga da fita.

Na uku bin sawun rigakafi. Allurar nan mai kariya daga cututtuka biyar ana yin ta sau uku, a mako na 6 da na 10 da na 14 bayan haihuwa. Uwaye da yawa sukan kawo yaro ta farko, sai aikin gona ko cikar rafi ya hana su dawowa. Wance ta bi rajista ta fitar da sunayen waɗanda suka yi ta farko ba su cika ta uku ba, ta raba sunayen ƙauye ƙauye ta ba ma'aikatan lafiya na unguwa.

Wasiƙar da ta aika

Sokode, 3 ga Fabrairu, 2025

Zuwa ga Malam Wane,
Babban ma'aikacin jinya, Dapaong.

Dalili: Neman takardar yabo

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali. Ni ce Wance 'yar Wane daga Sokode, wadda ta yi zaman koyon aiki a ƙarƙashinka a ƙasar Manduri daga Yuni zuwa Nuwamba 2023, wadda ka ɗora wa lissafin maganin damina.

Na rubuto ne in roƙi alfarmar ka rubuta mini takardar yabo. Ina neman aikin mai kula da rajistar rigakafin yara a wata ƙungiya a nan Sokode, na haɗo maka sanarwarsu. Shaidar kammalawa tana hannuna. Abin da suke so yanzu shi ne ra'ayin wanda ya ga aikina.

Da yake an kwana biyu, bari in tuna maka ayyuka uku da na yi a gabanka.

Daga Yuli zuwa Oktoba, a zagaye huɗu na maganin damina, ni nake karɓar takardun ƙirga na ƙungiyoyi uku masu zagaya ƙauyuka biyar, in daidaita su da ragowar magani kowace yamma kafin ka sa hannu. A zagaye na biyu na gano an ƙirga wata unguwa sau biyu, muka gyara kafin a tura rahoto.

A watan Agusta, da izininka, na sake jera ɗakin magani bisa ranar ƙarewa, na buɗe katin shiga da fita. Mun tarar da kwali tara da suka rage wata biyu su lalace, ka sa aka fara amfani da su.

A Satumba da Oktoba na fitar da sunayen yara 46 da ba su cika allura ta uku ba. Ma'aikatan unguwa ne suka bi gidajen, ni kuma ina rubuta masu dawowa. Kafin in tafi, 31 sun dawo.

Na haɗo kwafin shafukan rahotona inda waɗannan adadi suke, domin ka duba. In akwai wanda ka tuna shi ba haka ba, naka ne daidai.

Za a rufe karɓar takardu ranar Juma'a 28 ga Fabrairu. In zai yiwu in samu taka kafin 21 ga wata, zan ji daɗi. Suna so a rubuta ta da sunan shugaban ƙungiyar, da sa hannunka da hatimi da lambar wayarka. Ƙanina yana Dapaong, zai zo ya karɓa duk ranar da ka ce. In kuma aiki ya yi maka yawa, ko kana ganin wani ya fi dacewa ya rubuta, don Allah ka sanar da ni da wuri, ba komai.

Na gode da abin da ka koya mini. Allah ya ƙara girma.

Ɗalibarka,
Wance 'yar Wane
Sa hannu da lambar waya

Mu tsaya a kan wasu wurare

Dubi yadda ta gabatar da kanta. Suna kaɗai ba ya isa, domin masu suna irin nata suna da yawa. Ta haɗa da shekara da wuri, sannan ta ƙara alamar da za ta kawo fuskarta: "wadda ka ɗora wa lissafin maganin damina". In da akwai sunan da ake kiranta da shi a asibitin, kamar 'Yar Sokode, da ta sa shi. Gaisuwar kuma layi ɗaya ce. Tambayar gajiya da gida da yara a waya ake yin ta, kuma ya kamata a yi ta. Ka lura kuma majo yana iya zama Musulmi ko Kirista, Ba-Moba ko Bakabiye. In ba addininku ɗaya ba, fatan lafiya da girmamawa sun wadatar.

Sai batun "na" da "mun". A nan ne mutanenmu suka fi faɗuwa, kuma ta gefe biyu. Wasu kunya ke hana su cewa "ni na yi", sai su rubuta "an gyara ɗakin magani", kamar ɗakin ne ya gyara kansa. Tarbiyya ce mai kyau a zaure, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wasu kuma sai su kwashe aikin jama'a su ɗora wa kansu: "na yi wa yara 46 rigakafi", "na jagoranci rabon magani". Wannan ya fi muni, domin wanda kake rubuta wa yana wurin. Ya san ba kai ka jagoranta ba, shi ne. Da zarar ya ga ƙari ɗaya sai ya yi shakkar sauran, ya koma ga "yaro ne mai ladabi". Wance ta raba aikin yadda yake: ita ta fitar da sunaye, ma'aikatan unguwa suka bi gidaje, majo ya ba da izini. Ta kuma faɗi 31 cikin 46, ba ta ɓoye cewa 15 ba su dawo ba. A ganina wannan adadin da bai cika ba ya fi "dukkansu sun dawo" ƙarfi, domin duk wanda ya yi aikin rigakafi a damina ya san ba sa dawowa duka.

Adadin da ba ka da tabbacinsa kada ka rubuta shi kamar tabbas. In littafinka ya ɓace, ka ce "kimanin arba'in", ko ka bar adadi ka faɗi wata da wuri. Mai ɗaukar aiki yana iya kiran majo ya tambaye shi, yana iya kuma tambayarka a ranar ganawa yadda ka samu lissafin.

Akwai abin da babu shi a wasiƙar, kuma da gangan ne: sunan mara lafiya ko na uwa ko na yaro. Haka shafukan da ta haɗa, na rahotonta ne, ba hoton rajistar asibiti ba. Rajista sirrin mutane ce. Wanda ya ɗauki hotonta ya tura a waya don neman aikin riƙe rajista ya nuna da kansa cewa bai cancanci aikin ba. Wanda ya koyi aiki a banki ko asusun ajiya ko ofishin lauya, shi ma haka.

Ranar da ta ba shi ba ita ce ranar rufewa ba. Ta faɗi ta gaskiya, 28, ta roƙi 21, ta bar wa kanta mako guda saboda mota da mantuwa da hatimin da wani lokaci yake kulle a aljihun teburin wanda ya yi tafiya. Daga ranar wasiƙa zuwa ranar da ta roƙa kwana 18 ne. Mako biyu zuwa uku shi ne daidai. Wanda ya zo ana gobe rufewa yana cewa a taimaka, ya manta ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙofar da ta buɗe masa a ƙarshe, cewa in ba zai iya ba ya faɗa, ba rauni ba ne. Babba yakan ji nauyin cewa a'a, sai ya yi shiru, ko ya rubuta takarda mai sanyi. Gara ka ji a'a da wuri ka nemi wani.

Mayar da ita Faransanci, da aikawa

A Togo wasiƙar za ta tafi ne da Faransanci, sai in kun saba magana da Hausa kuma saƙon waya ne. Shawarata ita ce ka fara tsara ta da Hausa kamar yadda muka yi, domin a harshenka ne za ka gane ko maganar ta tsaya. Daga nan ka mayar, ko ka kai wa wanda ya iya. In wani ne zai mayar maka, ka zauna kusa da shi. Masu buga takardu a bakin kasuwa suna da tsohon zubi a na'urarsu wanda suke sauya wa suna kawai, kuma abin da suke fara yankewa shi ne ayyukan nan uku, wai sun yi tsawo. Ka sa a karanta maka, ka ji watanni da adadi sun fito.

Tsarin wasiƙar ofis ta Faransanci sananne ne: sunanka da adireshinka da lambar waya a sama ta hagu, gari da kwanan wata a sama ta dama, sunan wanda ake rubuta wa da muƙaminsa a ƙasa da su ta dama, sai layin dalili. In ta imel za ka aika, a gurbin dalili ka rubuta `Demande de lettre de recommandation` ka ƙara sunanka da shekarar da ka yi zaman. Duka wasiƙar kada ta wuce shafi ɗaya.

Kada wasiƙa ta faɗo masa ba sallama. Ka fara kiransa, ku gaisa sosai, ka faɗi buƙatarka a taƙaice, ka tambaye shi ta inda ya fi so ka aiko: a takarda, ta imel ko ta WhatsApp. In ta waya ce, ka tura ta a matsayin `PDF` guda ɗaya tare da abin da ka haɗa, kada ka tura hotuna bakwai a warwatse, kada kuma ka maye gurbinta da saƙon murya na minti biyar, domin ba a kwafar adadi daga murya. In kana gari ɗaya da shi, ka kai da ƙafarka.

Abin da kan biyo baya

In mako ya wuce shiru, ka tuna masa sau ɗaya da gajeren saƙo: "Ranka ya daɗe, ina tuni ne a kan takardar nan, ranar 21 ta matso. In akwai abin da zan ƙaro, ina jira." In an sake kwana huɗu ko biyar ba amsa, ka koma ga mutum na biyu, wato ungozoma ko mai kula da ɗakin magani ko duk wanda ya ga aikinka, ka sake zaɓen ayyukan bisa abin da shi ya gani. Haihuwar nan mai wuya da Wance ta cire daga wasiƙar majo, tana iya shiga wasiƙar ungozoma.

Sau da yawa kuma shugaban zai ce: "Rubuto, in sa hannu." Wannan ya zama ruwan dare, kuma ba laifi ba ne muddin zai karanta ya gyara. Ka rubuta ayyukan yadda suke, ka bar masa gurbin da zai faɗi ra'ayinsa a kan halinka da bakinsa, kada ka cika shi da kirari. Abin da ba a yi ko kusa shi ne sa hannu a madadinsa, ko ɗaukar hoton hatiminsa daga tsohuwar takarda a manna a sabuwa. Wannan jabu ne, laifi ne a gaban doka, kuma kiran waya ɗaya yake tona shi.

Wani abu kuma da canjin wurin aiki yake haifarwa: majo ya bar Manduri, hatimin asibitin can ba ya hannunsa. Ba matsala. Zai rubuta da muƙaminsa na yanzu, ya bayyana a ciki cewa a 2023 shi ne yake riƙe da wancan asibiti. Shaidar kammalawa kuwa, in ta ɓace, daga ma'aikatar da ka zauna ake neman wata, ba daga mutumin da ya tashi ba.

Idan takarda ta iso, ka duba sunanka ko an rubuta shi yadda yake a katin shaidarka, ka duba watanni ko sun dace da na shaidar kammalawa, ka yi kwafi kafin ka miƙa. Ka kira ka yi godiya a ranar, in an ɗauke ka aiki kuma ka sanar da shi, domin za ka sake buƙatarsa.

Aikin aji da na gida

A aji, ku zauna biyu biyu. Ɗaya ya zama shugaban da aka yi wa canji zuwa Dapaong, ɗaya ya karanta masa wasiƙar Wance ta farko. Shugaban ya faɗi duk tambayar da dole ya yi kafin ya iya rubutu, ku ƙirga su. Sannan ku nemo amsar kowace tambaya a wasiƙa ta biyu.

Gyara waɗannan jimloli biyu yadda shugaba zai iya shaidarsu: "Na taimaka sosai a wajen rabon taki." "Ni na kawo ci gaba a shagon ɗinkinmu." Kowace ta fito da wata, da wuri, da abin ƙirgawa, da rabon aikinka daga na sauran.

A gida, ka tuna wani da ka yi aiki a ƙarƙashinsa, ko a ofis ne, ko a garejin gyaran babur, ko shagon tela, ko wajen malamin gona. Ka jera duk abin da ka yi, ka tace da tambayoyin nan uku, ka rubuta masa wasiƙar da ba ta wuce shafi ɗaya ba. Inda sunan mutum zai zo ka sa Wane ko Wance, domin za a karanta a gaban aji. Wanda yake kan koyon aiki yanzu ya sayi ƙaramin littafi a wannan makon, ya riƙa rubuta kwanan wata da aikin da ya yi da adadinsa kowace yamma, ya zo da shi darasi na gaba.